Buhun da babu komai ciki ne ya fara tona fayil ɗin Alhaji

Ƙarshen watan Nuwamba na 2024 aka ajiye min fayil ɗin a kan tebur, lokacin kaka ta yi, shanshera na ta shigowa daga wajen Kura da Bunkure da Garun Malam, kowane mai injin casa a Kano neman kuɗin saye yake ido rufe. Ni aikina a bankin shi ne karanta takardun masu neman bashi kafin a kai gaban kwamiti, ma'ana in bashin ya lalace ni za a fara kira a tambaya me na gani me ban gani ba. Ba zan faɗi sunan bankin ba, haka shi ma mai fayil ɗin, mu dai ce masa Alhaji, dattijo ne mai injin casar shinkafa a bayan gari, ya kai shekara goma sha yana wannan harka kuma ba a taɓa jin sa da cin amanar kowa ba.

Abun da yake nema naira miliyan 500 ne. Miliyan 200 zai sayo sabon inji mai casa tan 2 a awa ɗaya haɗe da injin da ke tsince baƙar ƙwaya, za a biya cikin shekara uku. Sauran miliyan 300 kuma kuɗin sayen shanshera. Fayil ɗin ya sha kyau wallahi, bango mai sheƙi, hotunan buhuna an jera, hasashen shekara biyar, kuma a shafin farko an rubuta cewa shekarar farko za a yi ciniki na sama da naira biliyan 9. Wani mai rubuta wa mutane irin waɗannan takardun ne ya haɗa masa, ba akantan kamfanin ba, wannan ma sai daga baya na sani.

Ni dai ban cika karanta shafin farko da wuri ba. Daga baya nake farawa, wajen ƙananan jadawalin da aka liƙa a ƙarshe, na sayayya, na masu bashi, na kayan sito, sitatimen ɗin banki, don shafin gaba an rubuta shi ne don ya burge ni, amma na baya galibi an kwafo su ne daga littafin kamfani ba tare da an tsaya gyara su ba. In akwai ƙarya a fayil to a tsakanin gaba da baya take fitowa.

Abu na farko da na so sani shi ne bara nawa ya sayar da gaske. Takardar odita ta ce naira biliyan 1 da miliyan 100. In ka raba da kuɗin buhu mai kilo 50 yadda suka rubuta na barar, naira 55,000, zai ba ka buhu 20,000. To sai na buɗe jadawalin sayayya, can ƙasa wajen da babu mai kulawa, na ga layin buhunan zuba shinkafa masu tambarin kamfanin, an saya sau uku a shekarar, jimla guda 12,000. Na duba lissafin sito na farkon shekara ko akwai ragowar buhu da aka shigo da su, ɗari biyu da wani abu ne kawai. Mutumin da ya sayi buhu 12,000 a me ya zuba shinkafa buhu 20,000?

Na koma sitatimen. Kuɗin da ya shiga akawun biyun da ya ba mu a shekarar miliyan 790 ne. Amma da na bi layi layi sai na ga wata miliyan 25 cif da take shigowa daga wani kamfani, ta kwana biyu ko uku ta koma inda ta fito, sau shida aka yi haka, kuma duk kusa da ƙarshen wata. Kuɗin ciniki ba ya zuwa cif haka, kullum da wutsiya, dubu ɗari uku da hamsin, dubu saba'in, don akwai kuɗin mota da ragi da sauransu. Wannan juya kuɗi ne don akawun ya yi kamar yana motsi. Na cire miliyan 150 ɗin, saura miliyan 640. Buhu 12,000 sau 55,000 kuma miliyan 660 ne. Kun ga buhu da sitatimen sun yi magana ɗaya, takardar odita ce ta fita daban.

Da muka zauna da shi na tambaye shi, ya ce ai Malam mu kasuwarmu da yawa kuɗi hannu ne, ba komai ke shiga banki ba. Na ce gaskiya ne ranka ya daɗe, na san haka ake a Dawanau da Singa, amma ko da kuɗi hannu aka saya ai a buhu aka ɗauka ko? Ya yi shiru, sai ya yi dariya ya ce yaron nan kai ɗan ƙauye ne ko, na ce eh gonar shinkafa na tashi. Daga nan ya daina kare lambar. Ba na jin shi ya zauna ya ƙirƙira ta, an dai ce masa banki ba ya kallon ƙaramin ciniki, ya bari aka kumbura.

Wannan ya canja komai, don yanzu ba daga biliyan 1.1 za a tashi zuwa biliyan 9 ba, wanda shi ma ninki takwas ne, daga miliyan 640 za a tashi, ninki goma sha huɗu a shekara ɗaya. Sai na je in ga yadda aka samo biliyan 9 ɗin. Lissafin mai sauƙi ne, tan 2 a awa, awa 16 a rana, kwana 300 a shekara, tan 9,600 na shanshera kenan. Wato an ɗauki abun da aka rubuta a jikin inji an ninka da kwanakin kalanda. Babu ranar da bel ya tsinke, babu ranar da aka ɗauke wuta, babu azumi da ma'aikata ke rage awa, babu sallah biyu.

Ranar Talata na shiga mota na je injin da kaina. Na roƙi littafin da mai kula da aiki yake rubuta abun da aka casa kullum, wani dogon littafi ne mai baƙin bango duk ƙurar dusa ta cika shi, kuma wallahi duk fayil ɗin nan mai sheƙi bai kai wannan littafin amfani ba. Tsohon injin tan 1 yake yi a awa, suna aiki awa 8, kuma da na ƙirga ranakun da aka rubuta wani abu a shekarar sai na samu wajen kwana 120. Tan 960 kenan ko kusa da haka, wanda ya yi daidai da buhu 12,000 ɗin nan. Sauran ranakun shafi fari fat, wani wajen an rubuta "ba kaya" da biro ja, sati uku a jere, sati biyar a jere, musamman daga Yuli zuwa Satumba.

Anan ne na fara ganin ainihin ciwon. Injin da ke hannunsa ma kwana biyu cikin uku a kwance yake, kuma ba don ya gaza ba, don babu shanshera ne, babu shanshera kuma don babu kuɗin saye. To mutumin da ƙaramin injinsa ke jin yunwa me zai yi da babba? Sannan da na zagaya baya wajen da ake turarawa, tankunan jiƙa da tukunyar tururi gaba ɗaya tan 10 suke ɗauka a rana, shanya kuma a kan daɓen siminti ake yi da rana, mata na juyawa da ƙafa da majanyi, hadari na haɗowa a kwashe da gudu. Hasashen yana buƙatar tan 32 kullum ta bi ta wannan wajen. Na sake duba jadawalin kayan da za a saya, babu sabuwar tukunya, babu injin busarwa, babu ƙarin tanki. Inji kawai, dala 125,000 a kan naira 1,600, miliyan 200 cif, kuma takardar farashin ta nuna kuɗin kayan ne zuwa tashar jirgin ƙasar da za a ɗauko, babu kuɗin jirgi, babu na fito da kaya a Legas, babu tirela zuwa Kano, babu ginin da za a ɗora shi, babu taransifoma. Duk sanda na ga kuɗin aiki ya yi daidai da inbois ɗaya tak na san akwai rabin aikin da ba a lissafa ba, kuma wannan rabin daga kuɗin shanshera za a zare shi, don babu wani wajen. Ga shi kuma hasashen ya fara cinikin sabon inji tun watan farko, alhali takardar mai sayarwa da kanta ta ce kwana 90 kafin ma a loda.

Sai maganar riba a kan kowane tan, wadda ita ce ran harkar casa. Suka rubuta cewa kashi 68 cikin 100 na shanshera zai fito shinkafa. Tan ɗaya kilo 680 kenan, buhu 13.6, sau naira 70,000 kuɗin bakin inji, 952,000. A cire shanshera 650,000, a cire kuɗin aiki 90,000, riba 212,000 a tan. Littafin baƙin bango kuma kashi 62 yake nunawa, buhu 12.4, har da karyayyar da ake sayarwa da arha a ciki, ni ma na yi masa sassauci ban ware ta ba. Kuma ba laifin inji ba ne kaɗai, shansherar da ake sayowa a kasuwa tana zuwa da ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayi da danshi, wani manomin har ruwa yake yayyafawa don nauyi, sabon inji zai iya rage karyewa amma ba zai mayar da ƙasa shinkafa ba. Maki shida ɗin nan da ake gani kamar ba komai, buhu ɗaya da ɗoriya ne a kowane tan, naira 84,000.

Kuɗin aiki ma 90,000 ɗin na da ne. Kuɗin wutar da suka sa na kafin Afrilun 2024 ne, kafin a kai na rukunin Band A naira 225 a kan kowane yunit, shi kuma layinsa a nan yake, na gani a jikin bil. Man janareta an sa kamar awa ɗaya ko biyu zai dinga yi a rana. Albashi bai motsa ba duk da mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a watan Yuli kuma ma'aikatan ko ba doka ta kama shi ba sun san an ƙara, sai sun nema. Da na haɗa daga rasit ɗin wata uku na ƙarshe, 130,000 na samu a tan. To 12.4 sau 70,000 ya ba da 868,000, a cire 650,000 da 130,000, saura 88,000. Na ƙara masa 15,000 na dusa da masu kiwo ke saya, wanda su ma suka manta ba su sa ba, ya zama 103,000. Akwai riba, amma ba ta kai rabin wadda aka rubuta ba.

Na nemi a turo min Excel ɗin kansa ba takardar da aka buga ba, wannan kullum ina yi kuma wanda ya ƙi turowa ya riga ya gaya min wani abu. Na danna layin kuɗin buhu na shekara ta biyu, ga abun da ke ciki:

```
=C8*1.25
```

Haka aka ja shi har shekara ta biyar, kuɗin shinkafa na ƙaruwa da kashi 25 duk shekara. Na danna layin shanshera, babu fomula ko ɗaya, 650000 aka buga da hannu a duk gidaje biyar ɗin. Wato shinkafa za ta yi ta tsada amma manomi ba zai taɓa ji ba. A zahiri kuwa tare suke tafiya, wani lokacin ma shanshera ce ke riga tashi in manyan kamfanoni suka shigo saye, kuma mai casa daga tazarar da ke tsakaninsu yake ci. Farashin ma ba dole sai sama yake yi ba, a watan Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, duk mai tara shanshera da bashi ya kamata ya tambayi kansa in kaya suka shigo buhu ya sauka fa, babu layi ɗaya a fayil ɗin da ya gwada hakan.

Amma wajen da na fi daɗewa, wanda shi ne ya kashe buƙatar yadda aka kawo ta, shi ne kuɗin shansherar. 650,000 farashin kaka ne, na Nuwamba da Disamba, sai kuma ɗan sauƙin da ake samu in ta rani ta shigo daga Kadawa da Haɗeja. Don ka yi aiki da farashin kaka a watan Agusta dole tun kaka ka saya ka ajiye. Kuma sun san haka, don a jadawalin sito sun rubuta cewa kullum za a riƙe kayan wata uku. To mu lissafa. Tan 32 a rana, kwanan aiki 75 a wata uku, tan 2,400, sau 650,000, naira biliyan 1 da miliyan 560. Shi kuma miliyan 300 ya nema. Miliyan 300 tan 461 take saya, wanda a gudun da suka rubuta kwana 14 ne injin ya lashe shi. Na juya shafin da ya nuna inda kuɗi za su fito ko akwai jarin da shi zai zuba, babu, fili da tsohon inji ne gudummawarsa. Shafi ɗaya yana cewa akwai kayan biliyan ɗaya da rabi a sito, shafin kusa da shi yana cewa kuɗin da ke akwai miliyan 300 ne, kuma takardar kadara da bashi ta daidaita lafiya lau. Ya aka yi ta daidaita? Wani layi aka sa mai suna sauran basussukan kasuwa, aka zuba masa duk abun da ya rage. Wato wai dillalan shanshera za su ba shi kayan sama da biliyan ɗaya bashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Kura ran kasuwa ya san sai an ga alat ake ɗaga buhu.

Wani zai ce ai kuɗin juyawa suke, ka casa ka sayar ka sake saye, kwana 14 sun isa. Da haka ne in da hannu da hannu ake biyansa, kuma haka hasashen ya ɗauka, kwana 7. Jadawalin masu bashi kuma ya nuna ana riƙe masa miliyan 95, a ciki miliyan 60 na wajen dila ɗaya ne kuma sun haura wata huɗu. Na ce Alhaji wannan fa? Ya ce ai surukina ne, ba za su ɓata ba. Na yarda ba za su ɓata ba, amma kuma ba za ka iya matsa masa ba, kuma banki ranar 30 ga wata yake cire nasa ba ranar da suruki ya samu sarari ba.

Kuɗin ruwa kashi 9 aka sa, irin na rancen tallafin Babban Banki na shekarun baya. A satin da nake karanta fayil ɗin Babban Bankin ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, mu kuma a 32 za mu ba shi. Kashi 9 na miliyan 500 miliyan 45 ne, kashi 32 kuma miliyan 160. Ko bankin da ba ya harkar ruwa ya je aka yi masa murabaha, wato bankin ya sayo kayan ya sayar masa da riba, ribar da za a ɗora ba za ta zo kusa da 9 ba a wannan lokacin, kuma su ma wannan lissafin za su yi masa. Sannan jadawalin basussuka ya ce ba a bin kamfanin komai, amma a sitatimen duk ranar 5 ga wata ana cire miliyan 4 da dubu 200 zuwa wani ƙaramin banki. Na sa aka duba BVN ɗinsa a wajen masu ajiye tarihin bashi, ga shi nan, da sunansa ya karɓa ba da sunan kamfani ba, shi ya sa a ganinsa ba na kamfani ba ne, amma daga akawun ɗin kamfani ake biya. Miliyan 50 ne a shekara da ba a sa a ko'ina ba. Ni bashin bai dame ni ba kamar rashin faɗar, don yana biya a kan lokaci, da ya rubuta shi ma da shaida ce mai kyau a gare shi.

A takardarsu kuɗin da kamfani zai samu ya ninka abun da zai biya banki sau 18, ribar sama da biliyan 2 a kan biyan miliyan 112. Abokin aikina da ya kawo fayil ɗin wannan lambar yake ta nuna min yana murna, na ce masa ni ita ce ta fi ba ni tsoro, mu 1.3 ko 1.5 muke nema mu ji daɗi, in da casar shinkafa na ba da ninki 18 da babu wanda zai zauna aikin banki har ni. Na sake lissafin da abun da na gani da idona. Tankunan turare tan 10 a rana, kuɗin shanshera miliyan 300 da ke juyawa kamar sau biyar a shekara in an haɗa kwanakin casa da na jiran biya, in an haɗa biyun kuɗin ne ya fi takurawa, wajen tan 2,300 za a iya casawa a shekara, ko da sabon inji ko babu. Na bar masa ribar kaka ta 103,000 shekara gaba ɗaya, wanda ni kaina na san alheri na yi. Miliyan 237. Abun biya kuma ruwa 160, kason uwar kuɗin inji 67, tsohon bashi 50, miliyan 277. Bai kai ba, giɓin miliyan 40, kuma wannan kafin a zare ko sisi daga kuɗin shanshera a biya fiton inji.

Oga ya kira ni ofis ya ce amma fa jinginar tana da kyau, takardar mallakar filin ta haura kuɗin. Na ce Oga haka ne, amma in muka ba shi don fili to mun san ranar da za mu je karɓar filin muke jira, kuma ka san shekara nawa ake yi a kotu kafin a sayar da injin dattijo irin wannan a garin nan, da surutun da zai biyo baya. Abun da na rubuta wa kwamiti shi ne kar a ba da kuɗin inji yanzu, a ba shi miliyan 250 na shanshera zalla, mu biya dillalai kai tsaye in kaya sun hau sikeli, a zuba a sito mai kwaɗo biyu ɗaya namu ɗaya nasa da wakilinmu a ƙofa, a dinga sakin kaya gwargwadon kuɗin da ya shigo akawun, ciniki duka ya bi ta wajenmu, kuma miliyan 60 ɗin suruki a fara karɓo rabi kafin a saki kason farko. Tan 385 ne, aikin kwana 48 a tsohon inji. Riba wajen miliyan 39 da rabi a kowane zagaye na wata biyu da rabi, a cire ruwa kusan 17, a cire tsohon bashi 10 da rabi, saura 12. Ba yawa, na rubuta haka ɓaro ɓaro, kuma na rubuta cewa in buhu ya sauka da naira 2,500 kacal to ragowar ta tafi, don haka kar a saki kuɗin gaba ɗaya rana ɗaya.

Alhaji bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce shi inji ya zo nema, ya riga ya gaya wa mutane, ya tattara fayil ɗinsa ya tafi. Bayan sati biyu sai ga shi ya dawo, wannan karon ba mai rubuta takardar ya zo da shi ba, mai kula da aikin ya taho da shi, da littafin nan mai baƙin bango a cikin leda. Ya ajiye a tebur ya ce Malam, in an ba da na shansherar, tukunyar turare ta biyu nawa kake ganin za ta ci, don yaron nan ya ce min ko an kawo injin a nan za mu maƙale. Na ce ranka ya daɗe wannan sai mun samo farashi daga maƙera biyu ko uku tukunna, kuma sai mun ga zagaye biyu sun fita lafiya. Muka buɗe littafin daga watan Yuli, wajen jan biron, muka fara ƙirga kwanakin da za a iya cikewa.